Wasiƙar neman aikin sabon injiniyan lantarki: abin da kamfanin tsara gini ke nema a cikinta

Kafin a haƙa harsashin asibiti ko otal ko benen ofisoshi a Abuja ko Kano, akwai mutanen da suka riga suka zagaya ginin ɗaki bayan ɗaki a kan takarda. Sun san inda kowace fitila za ta zauna, da kaurin wayar da za ta kai wuta hawa na uku, da girman janaretan da zai riƙe gidan in an ɗauke wuta, da hanyar da bututun ruwa zai bi don kada ya ci karo da kebul. Waɗannan su ne injiniyoyin kamfanonin da ke tsara kayan aikin cikin gini, wato lantarki, da sanyaya ɗakuna, da ruwa, da ƙararrawar gobara. A tallar aiki akan ga sunan fannin a taƙaice da haruffan MEP ko M&E.

Irin wannan kamfani ba ya sayar da waya, ba ya kuma ɗaura ta. Hajarsa zane ce da lissafi da takardar ƙayyade ingancin kaya. Mai gini ya biya shi ya tsara, ɗan kwangila ya karɓi zanen ya aiwatar, injiniyan kamfanin ya riƙa leƙawa wurin aiki yana duba ko an bi abin da ya zana. Duk wanda zai rubuta wa irin wannan kamfani wasiƙar neman aiki, wadda ke raka takardar tarihin karatu da aiki da aka fi sani da si-bi, to daga nan ya kamata ya fara, domin a nan mafi yawan wasiƙun sababbin injiniyoyi ke ɓata hanya.

Dalilin ɓatan ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibin da ya yi shekara biyar yana karatun injiniyan lantarki ya fi shaƙuwa da samar da wuta, da manyan layukan dakonta, da taransifoma, da injuna masu juyawa. Lissafin wutar cikin gini yakan zo ne a kwas ɗaya ko biyu, wani lokaci ma na zaɓi. To idan ya zauna rubuta wasiƙa, abin da ya fi sani shi ke fitowa: sha'awarsa ga tashar Kainji da Shiroro, da burinsa na ganin an magance matsalar wuta a ƙasa. Buri ne mai kyau, amma kamfanin rarraba wuta irin KEDCO ko AEDC ya dace a kai wa shi. Wanda zai karanta wasiƙar a kamfanin tsara gini yawanci babban injiniya ne, ko ma mai kamfanin da kansa, tunda da yawansu ƙanana ne, ba su da sashen ɗaukar ma'aikata na musamman. Yana da zanen da zai miƙa ranar Juma'a, kuma tambaya ɗaya ce a ransa: in na ɗauki yaron nan, zan iya miƙa masa zanen bene ɗaya in ce ya fitar min da jadawalin lodi, ya dawo da abin da zan gyara, ba abin da zan sake daga farko ba?

A ganina wasiƙar gaba ɗaya amsar wannan tambaya ce. Kuma hanya mafi ƙarfi ta amsa ta ita ce a ɗauko aiki guda ɗaya da mai neman aikin ya yi da hannunsa, a faɗe shi da alƙalumansa.

Aikin da ke ɓoye a cikin layi ɗaya

Mu ƙaddara wani matashi da ya gama digiri a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ya kammala bautar ƙasa, ya ga tallar wani kamfani a Kaduna yana neman sabon injiniyan lantarki. A si-binsa akwai layi ɗaya da ke cewa ya yi koyon aiki na wata shida, wanda ake kira SIWES, a wani ofishin injiniyoyi. A wasiƙarsa ta farko ya rubuta cewa shi mai ƙwazo ne, mai saurin koyo, mai iya aiki cikin jama'a, kuma ya samu gogewa a fannin lantarki lokacin koyon aiki. Babu ƙarya a ciki. Matsalar ita ce mai karatu bai ƙaru da komai ba, domin duk wasiƙun da ke kan teburinsa haka suka ce.

Da za a zaunar da matashin a tambaye shi me ya yi a wata shidan nan, sai a tarar da abin da ya fi wasiƙar daraja. An ba shi zanen wani benen ofisoshi mai hawa biyu, aka ce ya ƙirga duk abin da ke jan wuta. Ya samu na'urorin sanyaya ɗaki goma sha shida, kowace tana jan kimanin kilowat 1.5, jimla 24. Soket-soket suka ba shi kilowat 12, fitilu 4, famfon ruwa da injin ɗumama ruwa 4. Duka ya kama kilowat 44.

Amma ba a sayen kebul ko janareta a kan wannan jimlar. Kamar gidan da ke da mutum ashirin ne da banɗaki uku: mai ginin ya san ba lokaci ɗaya kowa zai buƙata ba. Ba duk soket ake amfani da su a tare ba, ba kuma duk na'urorin sanyaya ɗaki ke jan iyakar ƙarfinsu a daƙiƙa ɗaya ba. Shi ya sa injiniya ke rage kowane rukuni gwargwadon yadda za a yi amfani da shi. Bayan ragin, matashin ya samu kilowat 32 a matsayin mafi girman buƙatar ginin. Da aka raba wannan da 0.8, wato ma'aunin da ake ɗauka na yawan wutar da ke zama aiki na zahiri a cikin wadda aka ja, sai aka samu kVA 40. A wutar layi uku mai bolt 400, wannan na nufin kimanin amfiya 58 ne za su bi ta babban kebul, don haka aka zaɓi bireka mai amfiya 63.

Daga nan ne labarin ya fara daɗi. Babban kebul ɗin zai taso ne daga akwatin sauya wuta da ke ɗakin janareta a bakin ƙofa, ya yi tafiyar mita 80 kafin ya isa akwatin rarraba wuta na cikin gini. Matashin ya buɗe jadawalin littafin ƙa'idojin haɗa wuta na Birtaniya, BS 7671, wanda ofisoshin injiniyoyi a Najeriya ke yawan dogara da shi. Ya ga kebul na tagulla mai sulke da rufin roba, mai kaurin murabba'in milimita 16, in aka ɗaura shi a jikin bango yana ɗaukar amfiya 77. Tunda 77 ya fi 63, sai ya ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba, domin an gina jadawalin ne a kan zafin iska na digiri 30. Wanda ya taɓa shiga ɗakin janareta a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ya san digiri 30 ba ta nan ba ce. Waya tana zafi idan wuta na bin ta, kuma iskar da ke kewaye da ita ce ke kwashe zafin. In iskar kanta ta yi zafi, wayar ba ta iya ɗaukar abin da aka rubuta mata. Littafin ya tanadi wannan: a digiri 45, irin wannan kebul ana ninka ƙarfinsa da 0.79. Sai amfiya 77 ta koma ƙasa da 61 kaɗan, ƙasa da birekar da ke tsaronsa. Ma'ana, kebul ɗin zai iya yin zafin da ya wuce kima, rufinsa ya riƙa lalacewa a hankali, bireka kuwa ba ta yanke ba.

Akwai kuma matsala ta biyu, ta nisa. Wuta tana rasa ƙarfi a kan hanya, kuma ga ginin da ke shan wuta daga layin gwamnati, littafin ya ba da shawarar kada asarar ta wuce kashi 3 cikin 100 a layin fitilu, kashi 5 a sauran. A mita 80, kebul mai kauri 16 zai cinye kimanin bolt 11, wato kashi 2.8 cikin 100, tun kafin wutar ta shiga ƙananan wayoyin da za su kai ta ɗakuna. Kusan babu abin da ya rage musu. Da aka koma kebul mai kauri 25, ƙarfinsa bayan ragin zafi ya kai kimanin amfiya 80, asarar hanya kuma ta sauko zuwa kimanin bolt 7, kashi 1.7 cikin 100. Babban injiniyan ofishin ya duba lissafin, ya amince, aka sa 25 a zane.

Na daɗe a kan wannan lissafi da gangan, domin mai karatu ya ga yawan abin da ke kwance a ƙarƙashin jimlar nan ta "na samu gogewa". Duk wannan matashin ya yi shi, ya san shi, amma bai faɗa ba, watakila don yana ganin ƙaramin abu ne. Alhali shi ne ainihin aikin da za a ɗauke shi ya yi kullum.

Yadda lissafin ke komawa sakin layi

Ba za a kwashe duk wannan a zuba a wasiƙa ba. Wasiƙar shafi ɗaya ce, kuma wannan labari zai ci jimla huɗu ko biyar ne kawai. A Najeriya da Turanci ake rubuta ta, a Nijar da Faransanci, amma ga ma'anar abin da ya kamata ta ƙunsa:

"A lokacin koyon aiki na wata shida a wani ofishin injiniyoyi a Kano, na shirya jadawalin lodi na benen ofisoshi mai hawa biyu, mai jimlar kilowat 44 da buƙatar kVA 40. Ni na yi lissafin babban kebul mai tsawon mita 80 bisa BS 7671. Da na saka zafin ɗakin janareta da asarar ƙarfin wuta a lissafi, sai na ba da shawarar a tashi daga kauri 16 zuwa 25, kuma injiniyan da ke kula da ni ya duba ya amince. Na zana tsarin fitilu da soket na hawa biyun a AutoCAD, na kuma gyara su sau biyu bayan mai zanen gini ya sauya wurin bangaye."

Injiniyan da ya karanta wannan ya san abubuwa da dama ba tare da an ce masa komai game da ƙwazo ba. Ya san yaron ya bambance jimlar lodi da ainihin buƙata. Ya san ya taɓa buɗe littafin ƙa'ida, kuma ya gane cewa jadawalin da aka rubuta don yanayin Turai yana buƙatar gyara a ƙasar zafi. Ya san ya saba a duba aikinsa, bai ɗauki hakan raini ba. Jimlar ƙarshe kuma, wadda wani zai ga kamar cike gurbi ce, tana gaya masa cewa yaron ya ɗanɗani gaskiyar wannan sana'a: zane ba ya ƙarewa a karo na farko. Mai zanen gini ya matsar da bango, injiniyan sanyaya ɗaki ya ƙara girman na'urarsa, mai gini ya ce yana son ƙarin ɗakin taro, kuma kowane sauyi yana komowa kan teburin mai lantarki. Wanda ya nuna ya san haka, kuma bai gaji ba, ya riga ya rage wa mai ɗaukarsa fargaba ɗaya.

A lura kuma da abin da sakin layin bai faɗa ba. Bai ambaci sunan mai ginin ba, bai faɗi unguwar da ginin yake ba. Zanen da aka yi a ofishin wasu mallakarsu ne da ta wanda ya ba su aiki. Matashin da ya liƙa zanen tsohon ofishinsa a jikin wasiƙa ba tare da izini ba, yana shaida wa sabon kamfani abin da zai yi da nasu zanen gobe.

Iyakar da gaskiya ta gindaya

Wurin da wasiƙar injiniya ta fi bambanta da ta sauran masu neman aiki shi ne cewa kusan duk abin da ya rubuta ana iya gwada shi a minti goma. Don haka zaɓen kalma yana da nauyi. "Na tsara wutar ginin" daban, "na yi lissafin kebul ƙarƙashin kulawar injiniya" daban. Babu ofishin kirki da ke barin ɗan koyon aiki ya tsara gini shi kaɗai, kuma mai karatu ya san haka. In ya ga sabon injiniya ya ce shi ya tsara wutar asibiti mai gado ɗari, abu biyu zai ɗauka: ko dai an yi ƙari, ko kuma ofishin da ya fito ba ya duba aiki. Babu na alheri a cikinsu.

Haka batun manhajojin kwamfuta. An saba ganin jerin AutoCAD, Revit, DIALux, ETAP da MATLAB a layi ɗaya, duk an ce an ƙware. Ranar ganawa sai a juyo wa mutum kwamfuta a ce ya zana soket huɗu ya haɗa su da akwatin rarraba wuta, nan take a gane. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan sana'a kuwa ya fi ƙurewa. Abin da ya fi amfani shi ne a faɗi matsayin kowace da abin da aka yi da ita: AutoCAD na zana hawa biyu da ita; DIALux na lissafa hasken ɗakuna shida da ita, na kai ofisoshi matakin haske na 500 da ƙa'ida ta tanada; Revit yanzu nake koyo, na kai ga saka fitilu da akwatunan wuta a samfurin gini. Wannan na ƙarshe ba rauni ba ne. Kamfanoni da yawa suna kan hanyar komawa daga zanen shimfiɗe zuwa samfurin gini mai fuska uku, kuma sun fi son wanda ya faɗi inda ya tsaya, don su san daga inda za su ɗora.

Sai batun laƙabi. A gida da unguwa, tun yaro yana aji biyu a jami'a ake kiransa Injiniya, kuma abin alfahari ne ga iyaye. Amma a takardar aiki, laƙabin Engr. na wanda hukumar COREN ta yi wa rajista ne, hukumar da aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya, kuma rajistar tana zuwa ne bayan shekarun gogewa a bakin aiki. Mai kamfanin ya bi wannan hanya da kansa, hatiminsa ne ke kan zanen da ake miƙawa. Ganin sabon ɗalibi ya maƙala laƙabin a gaban sunansa yana sa ya ɗaure fuska tun kafin ya karanta layin farko. Abin da zai ji daɗin gani shi ne jimla ɗaya da ke cewa mai neman aikin yana son tara gogewar da za ta kai shi ga rajista a ƙarƙashin injiniyoyin da suka riga suka samu, kuma in ya shiga Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya a matakin sabon mai digiri, ya faɗa.

Wanda bai samu ofishin kirki ba

Ba kowa ke dacewa da wurin koyon aiki irin na matashin misalinmu ba. Wani wata shidansa ya ƙare ne a sashen gyare-gyare na wata ma'aikata yana canza ƙwan fitila. Wani ya bi ɗan kwangila yana fasa bango yana zura waya. Wata kuma an ajiye ta a ofis tana buga takardu, ba a taɓa kai ta wurin aiki ba, abin da ke yawan faruwa da mata a wannan fanni, kuma yana min ciwo, don asara ce ga su kansu ofisoshin.

Wanda ya bi ɗan kwangila kada ya raina abin da ya gani. Ya san yadda zane ke zama idan ya isa hannun mai ɗaurawa: akwatin da aka zana a inda ginshiƙi yake, bututun da aka cusa wa wayoyi fiye da yadda zai ɗauka, sandar ƙasa da aka kafa a busasshen wuri har awon juriyarta ya ƙi sauka lokacin rani. In ya rubuta cewa ya halarci gwajin wayar ƙasa da na rufin waya kafin a kunna wuta, ya kuma faɗi abu ɗaya da ya ga zane ya saɓa da gini da yadda aka warware, ya kawo abin da ofishin zane ke ƙishirwarsa, domin sabon injiniya da yawa bai taɓa riƙe kebul mai sulke ya ji nauyinsa ba, balle ya san wuyar lanƙwasa shi a kwana.

Wanda kuwa ba shi da ko ɗaya, yana iya ƙirƙiro wa kansa aiki a mako biyu ko uku. Ya ɗauki tef ya auna makarantar Islamiyyar unguwarsu, ko ƙaramin asibitin garinsu in an ba shi izini, ko gidansu. Ya zana shi, ya ƙirga lodi, ya raba layuka, ya zaɓi bireka da kebul, ya lissafa hasken aji ɗaya a DIALux, wadda kyauta ake sauke ta. In ya ƙara da lissafin faifan sola da batir da za su riƙe fitilu da fankoki, ya taɓo abin da masu gini ke yawan tambaya yanzu saboda tsadar man dizal. Sai ya rubuta a wasiƙa, a fili, cewa aikin gwaji ne da ya ɗora wa kansa, ba a gina shi ba, kuma a shirye yake ya kawo shi a duba. Wannan zanen nasa ne, yana da ikon liƙa shi. Haka ma kundin kammala digiri: in ya shafi wutar gini ko sola, ya shiga wasiƙa da alƙalumansa, in a kan eriyar sadarwa ne, a bar shi a si-bi.

Farko da ƙarshe

Sauran wasiƙar gajere ne. Sakin layi na farko jimla biyu ya ishe shi: aikin da ake nema da sunansa kamar yadda aka rubuta a talla, inda aka ga tallar, digirin da aka yi da shekarar gamawa, da matsayin bautar ƙasa, tunda kamfani zai so sanin ko an gama ko saura wata nawa.

A nan akwai ɗabi'armu mai kyau da ba ta shiga wannan takarda. Bahaushe ba ya faɗa wa babba buƙatarsa sai ya gaishe shi, ya tambayi iyali da gajiya, ya yi masa fatan alheri. In aka ga mai kamfanin ido da ido, wannan ladabi yana nan daram, kuma yana ƙara wa mutum kima. A wasiƙar aiki kuwa, ladabin shi ne a taƙaita, a rubuta sunan kamfanin daidai, a nemo sunan wanda ake rubuta wa da muƙaminsa in zai yiwu. Haka kuma roƙo ba shi da gurbi. Na san halin da ake ciki, na san akwai wanda ya shekara biyu a gida da digiri a akwati da ƙanne a bayansa, kuma ba na ganin laifin zuciyar da ta so faɗin haka. Amma jimlar "a taimaka min saboda halin da nake ciki" tana mayar da mai karatu daga tunanin abin da zai samu zuwa tunanin nauyin da zai ɗauka, kuma ƙaramin kamfani da ke jiran mai gini ya biya shi kuɗin zane ba ya iya ɗaukar ma'aikaci don tausayi.

Bayan sakin layin aiki sai wani ƙarami a kan kamfanin kansa. Nan ma alƙawarin "kamfaninku mai daraja da ya yi fice" ba ya sayen komai. A binciko irin gine-ginen da suke tsarawa. In asibitoci ne, matashin ya ce yana son koyon yadda ake ware layin da ba a yarda wuta ta yanke masa ba, irin na ɗakin tiyata, da yadda ake haɗa shi da janareta da batir. In otal-otal da manyan benaye ne, ya ambaci ƙararrawar gobara, da fitilun gaggawa, da kariyar tsawa. In masana'antu ne da ke shan wuta kai tsaye daga layin bolt 11,000 ko 33,000, to karatunsa na taransifoma ya samu wurin shiga. Jimla biyu sun wadatar, muddin sun nuna an san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Hanya mai sauƙi ta gane ko wannan sakin layi ya yi aikinsa ita ce a goge sunan kamfanin a sa na wani banki ko kamfanin waya. In wasiƙar ta ci gaba da ma'ana, ba a rubuta ta don kamfanin tsara gini ba tukuna.

A rufe da faɗin lokacin da za a iya fara aiki, da ko ana shirye a koma garin da ofishin yake, da yarda a je wuraren gini a wasu jihohi, domin duba aiki yana cikin sana'ar. A tura ta a matsayin PDF, sunan fayil ɗin ya ƙunshi sunan mai nema, kan saƙon imel kuma ya zama daidai da abin da talla ta ce a rubuta.

Abu na ƙarshe da za a duba kafin turawa shi ne alƙaluma da ma'aunai. A wasiƙar wani fanni, kuskuren harafi abin a kau da kai ne. A nan, rubuta kW a inda ake nufin kVA, ko cewa kebul mai "milimita 16" ba tare da sanin cewa faɗin fuskar tagullar ake aunawa ba, kuskure ne irin wanda in ya shiga zane ake sayo kayan da ba su dace ba. Matashin ya sake lissafa kowane adadi da ya sa, ya tabbatar ya yi daidai da na si-bi, sannan ya ajiye takardar lissafin a inda zai same ta. In aka kira shi ganawa, daga cikin wasiƙarsa za a ciro tambayoyin: me ya sa 32 ba 44 ba, daga ina ya samo 0.79, me zai canza da a ce an binne kebul ɗin a ƙasa maimakon a ɗaura shi a bango, kuma janareta mai kVA nawa zai ba ginin, tunda zafi yana rage wa inji ƙarfi, na'urorin sanyaya ɗaki kuma suna fizgar wuta mai yawa a lokacin tashi.